Riba tana kusurwa: yadda ake lissafin abin da ya fi dacewa a yi da kayan aiki ƙayyadaddu

Saura mako biyu Sallah, wani tela mai sayar da ɗinkakkun kaya yana zaune da yadi 100 na shadda a shago. Abu biyu yake fitarwa: kaftani da wandonsa, sai babbar riga da 'yar ciki da wando. Bayan ya cire kuɗin shadda da zare da ladan ɗinki, kaftani ɗaya yana bar masa ribar naira 5,000, babbar riga kuma naira 9,000. In ka tare mutum goma a bakin shagon ka tambaye su wanne ya kamata ya ɗinka, mafi yawansu za su ce ya duƙufa kan babbar riga, tunda ribarta ta kusa ninka ta kaftani. Wannan shawara, a lissafin da za mu yi yanzu, za ta jawo masa asarar naira 24,000 a mako guda.

Alƙaluman nawa ne, na zaɓe su don lissafi ya fito sarai, amma yanayin matsalar na gaske ne. Shi ne abin da masana lissafi ke kira liniya furogiramin, kuma ɗaliban sakandare masu zurfafa lissafi suna haɗuwa da shi a jarrabawa: a ba ka wasu ƙa'idoji da ba a tsallakewa, ka zana yankin da suka yanke, ka duba kusurwoyinsa, ka fitar da inda riba ta fi yawa. Abin da ke damuna shi ne yadda ake koyar da shi kamar hadda, a ce wa yaro "duba kusurwa" ba tare da an nuna masa me kusurwar take nufi a shago ko a gona ba. Alhali duk daɗin darasin yana nan.

Abu uku ne ke ɗaure telan namu. Na farko shadda: kaftani yana cin yadi 5, babbar riga yadi 10, kuma yadi 100 ne a ƙasa. Na biyu lokacin ɗinki: kaftani awa 4, babbar riga awa 6, shagon kuma yana iya ba da awa 72 a mako, wato awa 12 kullum har kwana shida. Na uku aikin wuya da na gaba, wanda ake kai wa mai keken aiki: kaftani awa 1, babbar riga awa 4 saboda yawan adonta, shi kuma mai aikin ya ce awa 32 kawai zai iya ware masa a mako, domin ba shi kaɗai ne mai kawo kaya ba. Mu kira adadin kaftani x, adadin babbar riga y. Ga yadda maganar ke zama a rubuce:

```
5x + 10y ≤ 100     (shadda)
4x + 6y  ≤ 72      (ɗinki)
x  + 4y  ≤ 32      (aiki)
x ≥ 0,  y ≥ 0
Riba = 5000x + 9000y
```

Alamar ≤ tana nufin "kada ya wuce". Ba dole ne a cinye shaddar duka ba, amma ba za a yanka abin da babu ba. Layin ƙarshe na ƙa'idojin kuwa, wanda ɗalibai ke yawan mantawa, yana cewa ba a ɗinka ƙasa da sifiri. Da alama magana ce da ba ta buƙatar faɗa, sai dai lissafi bai san shago ba. In ba ka gaya masa ba, zai iya ba ka shawarar ka "warware" kaftani huɗu da ba ka taɓa ɗinkawa ba don ka sami yadin babbar riga.

Yanzu a ɗauko takardar giraf. Kaftani a layin kwance, babbar riga a layin tsaye. Kowane ɗigo a kan takardar shiri ne na mako: ɗigon (6, 3) yana nufin kaftani 6 da babbar riga 3. Don zana iyakar shadda, sai a tambaya: in kaftani kaɗai za a yi, nawa shaddar za ta fitar? Ashirin. In babbar riga kaɗai? Goma. Sai a ja miƙaƙƙen layi daga 20 a kwance zuwa 10 a tsaye. Duk ɗigon da ke ƙarƙashin layin shadda ta ishe shi, wanda ke samansa kuwa ba ta isa ba. Haka za a yi wa ɗinki, layinsa ya tashi daga 18 a kwance zuwa 12 a tsaye. Na aiki kuma daga 32 a kwance zuwa 8 a tsaye. In mutum ya rikice game da wane ɓangaren layi zai ɗauka, sai ya gwada ɗigon (0, 0): rashin ɗinka komai bai karya ƙa'idar shadda ba, don haka ɓangaren da wannan ɗigo yake shi ne halastacce.

Abin da ya rage bayan layukan uku sun yanke takardar fili ne mai gefe biyar. A cikinsa duk wani shiri mai yiwuwa yake, a wajensa kuma babu. Kusurwoyinsa biyar. Uku suna kan layukan gindi, ana karanta su da ido: (0, 0), da (18, 0), da (0, 8). Lura cewa a kwance ɗinki ne ya fara tare hanya a 18, tun kafin shadda ta ƙare a 20, a tsaye kuma mai aiki ne ya tare a 8. Sauran biyun sai an warware. Inda layin shadda ya gamu da na ɗinki: raba na shadda da 5 ya zama x + 2y = 20, raba na ɗinki da 2 ya zama 2x + 3y = 36. Ninka na farko sau biyu ka cire na biyu daga ciki, y = 4 ya fito, x kuma 12. Inda layin shadda ya gamu da na aiki: cire x + 2y = 20 daga x + 4y = 32, saura 2y = 12, wato y = 6, x = 8.

Akwai mahaɗa ta uku, kuma a nan ne maki ke zubewa. Layin ɗinki da layin aiki su ma suna haɗuwa, a ɗigon (9.6, 5.6). Wanda bai zana ba, ya tsaya yana warware layuka bibbiyu kawai, zai saka shi cikin jerin kusurwoyi, ya lissafa ribarsa ya ga naira 98,400, wadda ta fi ta kowace kusurwa, ya yi murna. To amma a gwada shi da shadda: 5 sau 9.6 da 10 sau 5.6 sun ba da yadi 104, alhali 100 ne a shago. Mahaɗar tana wajen fili. Ba kowace mahaɗar layi biyu ce kusurwa ba, sai wadda ta cika dukkan ƙa'idoji, har da waɗanda ba a yi amfani da su wajen nemo ta ba. Hanyar kama wannan kuskure ɗaya ce: kowane ɗigo ka samu, mayar da shi cikin ƙa'idojin gaba ɗaya kafin ka taɓa lissafin riba.

Ga ribar kusurwoyin na gaskiya:

```
(0, 0)    0
(18, 0)   90,000
(12, 4)   96,000
(8, 6)    94,000
(0, 8)    72,000
```

Kaftani 12 da babbar riga 4, ribar naira 96,000. Shawarar 'yan bakin shago, a ɗinka babbar riga zalla, ita ce ta ƙarshe a jerin, naira 72,000. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A wancan shiri mai aiki ya cika awarsa 32 da riga takwas, shago ya tsaya cak, ga yadi 20 na shadda a ninke, ga awa 24 na ɗinki sun tafi a banza. Ribar riga ɗaya babba ce, amma tana cin abin da ya fi ƙaranci da sauri.

Tambayar da ta cancanci a zauna a kanta ita ce: a fili mai ɗauke da ɗigo marasa adadi, me ya ba mu damar duba biyar kawai mu ce mun gama? Mu bi gefen filin da ƙafa mu gani. Mu tsaya a (18, 0), inda lokacin ɗinki ya cika. Don a sami wurin babbar riga dole a rage kaftani: kaftani 3 suna sakin awa 12, waɗanda suka isa babbar riga 2. An rasa naira 15,000, an sami 18,000, an ci ribar musaya 3,000. Abin lura shi ne wannan musaya ba ta canja farashi. In ta yi riba a karo na farko, za ta yi riba daidai wannan a karo na biyu, don haka babu hujjar tsayawa a tsakiyar hanya. Daga (18, 0) zuwa (15, 2), daga nan zuwa (12, 4). Me zai hana a yi karo na uku? Shadda. A (12, 4) an cinye yadi 60 da 40, ɗari cif. Daga nan musayar ta koma ta shadda: kowace babbar riga ɗaya sai an sadaukar da kaftani 2, a rasa 10,000 a sami 9,000. Hanya ta juya zuwa gangara.

Wannan shi ne dalilin gaba ɗaya. A kan miƙaƙƙen gefe, riba ko dai tana hawa a kowane taku, ko tana sauka a kowane taku, ko tana nan yadda take. Ba ta hawa ta kai tsakiya sannan ta sauko. Saboda haka mafi girmanta yana ɗaya daga cikin bakin gefen biyu. Ɗigon da ke can cikin fili kuwa ba ya ma cikin takara, domin bai taɓa kowace iyaka ba, ma'ana komai da saura, kuma ana iya ƙara ɗinki. Wata hanyar ganin abin ita ce a ɗora rula a kan takardar a bisa layin duk shirye-shiryen da ke ba da riba ɗaya, misali 45,000, wanda ya tashi daga 9 a kwance zuwa 5 a tsaye. A riƙa tura rular waje ba tare da an karkata ta ba. Wuri na ƙarshe da za ta taɓa kafin ta bar filin baki ɗaya tsini ne, kuma a nan tsinin (12, 4) ne. Filin da miƙaƙƙun layuka irin waɗannan suka yanke ba ya da lotsawa a jikinsa, shi ya sa kusurwar da ta fi maƙwabtanta biyu ta fi kowa.

Kusurwa, ashe, ita ce wurin da iyaka biyu suka cika lokaci guda. A (12, 4) shadda ta ƙare, awannin ɗinki sun ƙare, amma aiki awa 28 kawai aka ci cikin 32. A ganina wannan bayani ya fi lambar 96,000 amfani ga telan. Da zai je ya roƙi mai keken aiki ya ƙara masa awa goma, ko ya biya shi kuɗin gaggawa, ko sisi ba za ta ƙaru a ribarsa ba, tunda awa huɗun da ke hannunsa ma bai cinye ba. Amma a ce ya sami ƙarin awa 2 na ɗinki, 72 ta zama 74. A sake warwarewa, kusurwar ta matsa zuwa (14, 3), riba ta zama 97,000. Kowace awa ta kawo naira 500. Wannan ita ce darajar ɓoye ta awar ɗinki a wannan shago a wannan mako. Da yake an riga an cire ladan ɗinki na yau da kullum daga riba, ma'anarta ita ce: in zai ɗauko wani tela ya taya shi, ƙarin da zai ɗora a kan ladan da aka saba kada ya kai naira 500 a awa, in ba haka ba wahalar banza ce. Irin wannan lissafi yana ba yadin shadda darajar naira 600. Kuma ga wani abin sha'awa da ke tabbatar da cewa ba a yi kuskure ba: yadi 100 sau 600, a tara da awa 72 sau 500, ya ba da 96,000 daidai, ribar da muka samu ta ɗaya hanyar.

Darajar nan tana da iyaka. Awar ɗinki tana biyan 500 ne har zuwa awa 80, inda shiri ya zama kaftani 20 zalla, shadda ta ƙare, ƙarin awa kuma ba shi da abin ɗinkawa. Ta shadda ta fi gajarta: yadi 4 kacal, domin a yadi 104 mahaɗar nan da muka kora ɗazu ta shigo fili, daga nan kuma ɗinki da aiki ne ke riƙe da shago.

Wannan ya kawo mu ga matsalar da zane ba ya warwarewa shi kaɗai. A ce shaddar yadi 104 ce tun farko. Lissafi zai ce kaftani 9.6 da babbar riga 5.6, kuma babu mai sayen ɓarin riga. Hannu yakan yi saurin cikawa zuwa 10 da 6, amma wannan shiri yana neman yadi 110, awa 76 na ɗinki, awa 34 na aiki: ya karya ƙa'idoji ukun a tare. A rage zuwa 9 da 5 kuma, riba ta faɗo 90,000. Amsar gaskiya a cikakkun lambobi tana nan a (12, 4) da 96,000, ɗigon da ba ya ma maƙwabtaka da kusurwar. Idan abin da ake lissafawa yana rabuwa, kamar kilon masara a haɗin abincin kaji ko kadadar gona, kusurwa mai ɓari ba matsala ba ce. Idan kuma riguna ne ko motoci ko ma'aikata, ribar kusurwar rufi ce kawai da ba za a wuce ba, sai a koma a gwada cikakkun ɗigogin da ke cikin fili. Wannan reshe ne mai zaman kansa a fannin, kuma ya fi wuya nesa ba kusa ba.

Farashi fa, in ya motsa? Amsar ba ta da saurin girgiza. Matuƙar ribar kaftani tana 5,000, ribar babbar riga za ta iya yawo daga 7,500 zuwa 10,000 ba tare da shirin (12, 4) ya canja ba. A 10,000 cif, rular ta kwanta daidai a kan gefen shadda: (12, 4) da (8, 6) duka suna ba da 100,000, haka ma (10, 5) da ke tsakaninsu. Ɗalibi yakan tsorata in ya ga kusurwa biyu sun yi kunnen doki, ya ɗauka ya yi kuskure, alhali ma'anar ita ce duk gefen amsa ne. Da ribar ta haura 10,000 ko da naira ɗaya, amsa sai ta yi tsalle zuwa (8, 6).

Wani lokaci filin ma ba ya samuwa. In wani dillali ya ce lallai a ba shi babbar riga 9 a makon, ƙa'idar y ≥ 9 ta ci karo da ta aiki, wadda ba ta barin a wuce 8. Babu ɗigon da ya cika duka, kuma abin da lissafin ke faɗa shi ne kada a karɓi alkawarin sai an sami wani mai aikin. Akasin haka, in ka zana ka ga filin a buɗe ta ɓangaren da riba ke hawa, har ba ta da ƙarshe, kusan kullum alama ce ta ka manta wata iyaka. Wadda aka fi mantawa ita ce kasuwa. Mun ɗauka duk abin da aka ɗinka zai shiga, kuma kaftani na goma sha biyu zai bar ribar na farko. In sai an karya farashi kafin na ƙarshen su tafi, ribar ta daina tafiya a miƙe, hujjar da muka kafa a kan gefe ta rushe, kuma amsa tana iya zama a tsakiyar gefe ko a cikin fili. In dai an san cewa kaftani 10 kawai kasuwa ke ɗauka, gyaran mai sauƙi ne: a ƙara x ≤ 10, sabuwar kusurwa (10, 5) ta bayyana da ribar 95,000.

Matsalar ta fito ne daga masana'anta tun asali. Leonid Kantorovich, matashin farfesan lissafi a Leningrad, an kawo masa tambaya daga kamfanin filawud na gwamnatin Sobiyet game da yadda za a raba aiki tsakanin injuna don a fitar da kaya mafi yawa, ya kuma wallafa hanyarsa a 1939. Shi da Tjalling Koopmans suka raba kyautar Nobel ta tattalin arziki a 1975. A Amurka, George Dantzig yana aikin tsare-tsare wa rundunar sojan sama lokacin da ya fito da hanyar simfiles a 1947. Kalmar furogiramin a sunan fannin ma daga can ta samo asali: a bakin soja tana nufin tsara jadawalin horo da jigilar kaya, ba rubuta manhajar kwamfuta ba.

Abin da Dantzig ya magance shi ne yawa. Da kaya iri biyu, takarda ta isa. Da iri uku, filin ya zama dunƙule mai fuskoki. Da iri hamsin ba a iya zanawa, kusurwoyi kuma sun yi yawan da ba mai iya bin su ɗaya bayan ɗaya. Simfiles tana yin abin da muka yi da ƙafa ne: ta tsaya a kusurwa ɗaya, ta duba gefunan da suka fita daga gare ta, ta bi wanda riba ke hawa a kansa har sai wata iyaka ta tare ta, ta sake dubawa. In ta isa inda babu gefen da ke hawa, ta tsaya. A shagon telanmu za ta iya tashi daga (0, 0) ta bi ta (18, 0) ta isa (12, 4) a taku biyu, ko ta bi ta (0, 8) da (8, 6) ta isa a taku uku. Ɗaya daga cikin manyan gwaje-gwajenta na farko shi ne matsalar abinci ta George Stigler, wanda a 1945 ya nemi cima mafi arha da za ta ishi mutum shekara guda daga cikin abinci iri 77 da buƙatun gina jiki 9. Da dabara da gwaji ya kai dala 39.93 a farashin 1939. Da aka bi ta da simfiles a 1947, da injunan lissafi na tebur, aikin ya ci kimanin kwanakin aiki 120 na ma'aikata, amsar kuma ta fito dala 39.69.

Yau mai Excel zai iya warware matsalar telan cikin ƙiftawar ido: ya ware gida biyu na x da y, gida ɗaya na riba, uku na ƙa'idoji, ya buɗe Solver, ya zaɓi Simplex LP. In yana son cikakkun lambobi sai ya ƙara sharaɗin int a kan gidajen biyu. Rahoton Sensitivity, wanda ke fitowa idan ba a sa wannan sharaɗi ba, yana da shafi mai suna Shadow Price, kuma a nan zai ga 600 a gaban shadda, 500 a gaban ɗinki, sifiri a gaban aiki.